Yarinyar da ta faɗi gwaji ta fi wadda ta ci maki a CA: ina kuskurena yake?

Malama_Rabi_JSS2
Assalamu alaikum malamai. Ina neman taimako kafin Juma'a, ranar ne za mu miƙa makin CA ga jami'in jarrabawa. Ina koyar da kimiyya a ajin JSS 2, yara 64. A makarantarmu CA maki 40 ne, jarrabawar ƙarshen zango 60. An ce mu raba arba'in ɗin haka: aikin gida 10, gwaji 20, furojet 10.

A wannan zangon na ba da aikin gida sau 6, kowanne a kan maki 10. Gwaji biyu, na farko a kan 20, na biyu a kan 30. Furojet ɗaya a kan 20. Sai na haɗa duka ya ba ni 130, na tara makin kowane yaro na raba da 130, na ninka da 40.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Lamba 7 a rajista ta samu 57 a aikin gida, 8 da 14 a gwaji, 15 a furojet. Jimla 94, ya ba ta 28.9. Lamba 19 ta samu 33 a aikin gida, 17 da 26 a gwaji, 16 a furojet. Jimla 92, ya ba ta 28.3. Ni na san yaran nan biyu. Ta biyun ta fi ta farkon fahimtar darasi nesa ba kusa ba, ga shi kuma takarda na cewa ita ce a ƙasa. Na maimaita lissafin sau uku da kalkuleta, amsa ɗaya. Ina matsalar take?

AbuHanifa_Gusau
Wa alaikumus salam. Malama ni ban ga matsala ba. Wadda ta ƙi yin aikin gida ita ta jawo wa kanta. Lissafi ba ya son zuciya, ki miƙa kawai.

Malam Sani Lissafi
Wa alaikumus salam Malama Rabi. Kalkuletarki lafiya lau take, hanyar ce ta kauce tun daga farko. Da kika zuba komai a tukunya ɗaya kika raba da 130, rabon 10, 20, 10 da makaranta ta ba ki ya tashi daga aiki ba ki sani ba. Duba da kyau: aikin gida ya ci 60 cikin 130, kusan rabin CA ke nan, alhali rubu'i aka ba shi. Gwaji da aka ba rabi ya koma 50 cikin 130, bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Furojet kuwa ya ƙanƙance ya koma kashi 15. Wato yawan aikin da kika bayar ne ya yanke nauyin kowane ɓangare, ba tsarin makaranta ba. Da kin ba da aikin gida sau goma, da abin ya fi haka muni.

Abin da za ki yi, ki gama da kowane ɓangare shi kaɗai tukuna. Abin da yaro ya samu, a raba da abin da ake iya samu a wannan ɓangaren, a ninka da kason ɓangaren. Sai a ƙarshe a haɗa ukun.

Lamba 7: aikin gida 57 a raba da 60 sau 10, ya ba da 9.5. Gwaji 22 a raba da 50 sau 20, ya ba da 8.8. Furojet 15 a raba da 20 sau 10, ya ba da 7.5. Jimla 25.8.

Lamba 19: aikin gida 33 cikin 60 ya ba da 5.5. Gwaji 43 cikin 50 ya ba da 17.2. Furojet 16 cikin 20 ya ba da 8. Jimla 30.7.

Kin ga tazarar kusan maki biyar ce, kuma ta ɓangaren da zuciyarki ta faɗa miki. AbuHanifa, ai an hukunta ta a kan aikin gidan, ta rasa 4.5 cikin 10. Abin da bai kamata ba shi ne a hukunta ta fiye da yadda makaranta ta tsara.

Malama_Rabi_JSS2
Innalillahi. Malam Sani, zango biyu ke nan ina yin haka. Allah ya saka da alheri. To amma yara 64, kowanne sau uku ana rabawa ana ninkawa, zan gama kafin Juma'a kuwa?

Baba_Hedimasta_Mai_Ritaya
'Yata, za ki gama yau ma in kin so, ba ki buƙatar kwamfuta. Mu da muka fara aiki lokacin da tsarin 6-3-3-4 ke sabo, bayan 1982, da biro da rula muka riƙa yin CA. Dabarar ita ce ki nemo lamba ɗaya ga kowane ɓangare. Naki sun zo da sauƙi. Aikin gida 60 zai koma 10, to ki raba da 6. Furojet 20 zai koma 10, ki raba biyu. Gwaji 50 zai koma 20, ki ninka da 2 ki raba da 5. Shi ke nan.

Ga na aikin gidan da ya fi ba da wahala, ki rubuta ɗan jadawali a bayan littafin maki: 60 ya ba da 10, 57 ya ba da 9.5, 54 ya ba da 9, haka har ƙasa. Sai ki riƙa dubawa kawai.

Zango mai zuwa kuma ki yi wa kanki gata tun ranar farko. Kafin ki ba da aiki ko ɗaya, ki ja layukan littafin maki, ki rubuta a saman kowane layi a kan maki nawa za a yi shi. Da yawan malamai sai ƙarshen zango suke tuna cewa lambobin da suka zaɓa ba sa rabuwa.

Ummu_Khadija22
Ni ma tambaya gare ni. Ɗana ya zo na 11 a aji alhali abarejinsa ya fi na wanda ya zo na 9, na gani da idona a katin sakamakon yaron maƙwabta. Wannan ma irin matsalar ce?

Fom_Masta_Zariya
Ummu Khadija, taki daban ce. Malama Rabi na magana a kan makin darasi ɗaya ne, ke kuma a kan haɗa darussa duka. Abin da ya fi jawo irin naki shi ne a jera matsayi da jimlar maki alhali yaran ba su ɗauki darussa adadi ɗaya ba. Mai darasi 12 zai fi mai 11 jimla ko da abarejinsa ya fi ƙasa. Ki je wurin fom masta cikin lalama ki tambaye shi da me ya jera, jimla ko abareji.

Malama Rabi, in kina da Excel ko Google Sheets ko a waya ne, ga yadda nake shimfiɗa nawa. Layin kwance na 1 sunayen ayyuka. Na 2 kason kowane ɓangare. Na 3 cikakken makin kowane aiki. Yara su fara daga na 4. A tsaye kuma, A lamba, B suna, C zuwa H aikin gida shida, I da J gwaji, K furojet, L jarrabawa. Daga nan M, N, O su ne sakamakon ɓangarori uku, sai ki rubuta 10 a M2, 20 a N2, 10 a O2.

```
M4:  =SUM(C4:H4)/SUM(C$3:H$3)*M$2
N4:  =SUM(I4:J4)/SUM(I$3:J$3)*N$2
O4:  =K4/K$3*O$2
P4:  =SUM(M4:O4)
```

Ki rubuta sau ɗaya a layin yaro na farko, ki ja shi ƙasa har yaro na 64, wato layi na 67. Alamar $ ɗin nan kada ki bar ta. Ita ke riƙe layi na 2 da na 3 a wurinsu. In babu ita, da kin ja ƙasa fomular za ta riƙa raba makin yaro da makin yaron da ke samansa. Yadda za ki gane hakan ta faru: yaro na farko zai fito daidai, na biyu ya fito da sifili, daga nan zuwa ƙasa ki riƙa ganin sifili da irin su 14 cikin 10.

Kuma kada ki binne 10 da 20 ɗin a cikin fomula. In suna zaune a gurbinsu, ranar da firinsifal ya ce a canza rabo, lamba uku za ki taɓa.

Nura_ICT
Fom Masta, wannan ya yi tsawo. A M4 ai `=AVERAGE(C4:H4)` ya wadatar, tunda duk a kan 10 suke kuma kason ma 10 ne.

Malam Sani Lissafi
Nura, ka yi daidai ga yaron da ya kawo duka shida. Ga wanda bai kawo wasu ba, nan gizo ke saƙa. AVERAGE ba ya ƙirga gurbin da aka bari fayau, kuma ba ya ƙirga gurbin da aka rubuta kalma. Sifili kawai yake ƙirgawa in an rubuta shi.

Ɗauki yaro mai 10, 9, 8, 9, sauran biyun bai kawo ba, malami ya bar wurin ba komai. AVERAGE zai raba 36 da 4 ya ba shi 9 cikin 10. Fomular Fom Masta za ta raba 36 da 60 ta ba shi 6. Maki uku ke nan tsakani, a kan yaro ɗaya, da takardu iri ɗaya. Mafi muni, yaron da ya kawo aiki ɗaya tak ya samu 10, AVERAGE zai ba shi 10 cif, ya wuce wanda ya wahala ya kawo shida.

Nura_ICT
Na yarda da wannan. To amma ta Fom Masta ma tana da nata laifin. Yaron da ya kwanta asibiti mako biyu, SUM zai ɗauki guraben nan biyu kamar ya ci sifili. Wannan ma ai zalunci ne.

Hajiya_Binta_VP
Nura ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shekarar da ta wuce wata yarinya a SS 1 ta yi fama da taifod, ta rasa gwaji na biyu gaba ɗaya. Malamin ya bar gurbin, na'ura ta ɗauke shi sifili, yarinyar da ba ta taɓa sauka ƙasa da B ba ta fito da D7. Sai da mahaifinta ya zo da takardar asibiti muka gano. Ban ji daɗin ranar nan ba ko kaɗan, domin katin ya riga ya isa gida, ta riga ta yi kukanta.

Tun daga nan muka kafa ƙa'ida a ɗakin malamai. Gurbi ba ya zama fayau a ƙarshen zango. Wanda bai kawo aiki ba kuma ba shi da uzuri, a rubuta masa 0 da hannu. Wanda ke da uzurin da fom masta ya tabbatar, a rubuta harafin U. Gurbin da aka gani ba komai, ma'anarsa malami bai gama shigar da maki ba, a mayar masa da takardarsa. Abu uku ne daban-daban, kuma a da duk fuska ɗaya suke da ita a littafinmu.

Fom_Masta_Zariya
Ranki ya daɗe Hajiya, wannan ƙa'idar ta yi, kuma akwai fomular da ke tafiya da ita:

```
M4:  =SUM(C4:H4)/SUMIF(C4:H4,">=0",C$3:H$3)*M$2
```

Abin da SUMIF ke yi a nan, yana tara cikakken maki na ayyukan da yaron ke da lamba a cikinsu kawai. In an sa 0, aikin na cikin lissafi. In an sa U, an cire shi daga sama da ƙasa. Yaron Malam Sani mai 36, in biyun nan U ne zai samu 9, in 0 ne zai samu 6. Malami ne ya yanke, ba na'ura ba.

Gargaɗi ɗaya: gurbin da aka manta fayau, wannan fomular za ta ɗauke shi kamar U. Shi ya sa maganar Hajiya ta cewa kada a bar gurbi take da muhimmanci. In kuma duka shida U ne, za ki ga `#DIV/0!` ya fito.

Nura_ICT
Sai a naɗe shi da IFERROR ya ba da 0, takarda ta fito tsaf.

Malam Sani Lissafi
A'a Nura, don Allah kada ka koya wa mutane wannan. Wannan kuskuren da ya fito yana gaya maka ne cewa akwai yaron da ba shi da maki ko ɗaya a ɓangaren, a zauna a yanke shawara a kansa. In ka rufe shi da sifili ka koma gidan jiya, yarinyar Hajiya ta sake cin D7, wannan karon ma ba wanda zai lura.

Issoufou_Maradi
Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya. Ina bin zancen daga Maraɗi. Mu nan a kan 20 muke ba da maki, kowane aiki, ƙarami ko babba, saboda haka matsalar Malama Rabi ta 10 da 20 da 30 ba ta cika samunmu ba. Tamu tana wajen haɗa darussa, domin kowane darasi da koyefisiyan nasa, wato lambar da ake ninka makinsa da ita. Misali yaro ya samu 8 a darasi mai koyefisiyan 4, ya samu 16 a mai koyefisiyan 1. Uba zai haɗa 8 da 16 ya raba biyu ya ce ɗansa na da 12. Gaskiyar ita ce 32 da 16, wato 48, a raba da 5, ya ba da 9,6. Bai kai 10 ba, bai samu muwayen ba ke nan. Abu guda ne da naku, suna ne ya bambanta.

Ga wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne, fomulolin Fom Masta ba za su shiga yadda suke ba. SUM shi ne SOMME, SUMIF shi ne SOMME.SI, AVERAGE shi ne MOYENNE, kuma ana raba sassan fomula da `;` maimakon `,` domin waƙafi a wurinmu shi ne ɗigon lamba.

AbuHanifa_Gusau
Malam Issoufou, tsarinku na komai a kan 20 ya burge ni. Malam Sani, na karɓi gyara a kan maganata ta farko. Amma ni yanzu abin da nake tambaya, me ya sa ma za a ba aikin gida maki 10? Lamba 7 ɗin nan ta samu 57 cikin 60 a gida, ta zo aji ta kasa cin rabi. Wa ya yi mata aikin? Mu faɗa wa juna gaskiya. Yayye ne ke yi, ko malamin lesin, ko a kwafa da safe a bakin taga kafin a buga ƙararrawa. Ni da za a bi ta tawa, 5 ya ishe shi.

Malama_Rabi_JSS2
Malam AbuHanifa, ba zan yi mata wannan zargin ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, tana zama da littafi a buɗe ta yi a hankali. In an ce minti talatin ba littafi, sai ta rikice. Lamba 19 kuma ba lalaci ne ya hana ta ba. Daga makaranta sai Islamiyya, daga nan sai ta taya mahaifiyarta suyar awara har dare. Ita ta faɗa mini da na matsa mata.

Hajiya_Binta_VP
To kun ga abin da ya sa nake cewa rabon maki ba lissafi ba ne kawai. In ka ɗaga aikin gida ka fifita yaron da ke da fitila da teburi da mai duba masa. In ka sauke shi ƙasa sosai, yara su daina yi, domin sun fi mu iya lissafin abin da ke da riba. Mun taɓa mayar da shi 5, kafin tsakiyar zango rabin aji sun daina kawowa. Muka mayar 10.

Baba_Hedimasta_Mai_Ritaya
Hajiya, ni a nawa ganin furojet ya fi aikin gida matsala. An ce yara su ƙera abu, mai hali ya kai wa kafinta ko mai walda, ya kawo abu yana ƙyalli, malami ya ba shi 19. Ɗan talaka ya haɗa nasa da kwali da hannunsa ya samu 12. In kuma na rukuni ne, yara takwas maki ɗaya, alhali biyu ne suka yi. Abin da na riƙa sa malamaina su yi shi ne a raba ashirin ɗin tun kafin a ba da aikin, yara su sani: 8 na abin da aka ƙera, 6 na rubutaccen bayani, 6 na tambayoyin baki, kowane yaro shi kaɗai na minti biyu. Wanda kafinta ya yi wa, a tambayar baki ake kama shi.

Sadiya_NCE
Baba, yara 64 minti biyu-biyu ya haura awa biyu fa. Mu da ke da 90 a aji ɗaya, ina za mu samu wannan lokacin?

Baba_Hedimasta_Mai_Ritaya
Gaskiyarki 'yata. A zamaninmu aji bai kai haka ba. Ki rarraba, yara biyar a ƙarshen kowane darasi, ko ki sa kowa ya rubuta amsar tambaya biyu a kan nasa furojet ɗin a cikin aji. Ba ta kai ta baki ba, amma ta fi babu.

Sadiya_NCE
Na gode Baba. Bari in komo kan lissafin, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Malam Sani ya haɗa gwaji biyu ya raba da 50. Mu abin da na saba, kowane gwaji a mayar da shi a kan 10, sai a haɗa. Ba ɗaya ba ne?

Malam Sani Lissafi
Ba ɗaya ba ne Malama Sadiya, sai in gwajin biyu makinsu ɗaya. Ɗauki yaron da ya cinye na farko, 20 cikin 20, ya samu 9 cikin 30 a na biyu. In an haɗa, 29 cikin 50, ya ba da 11.6. In an bi taki, na farko 10, na biyu 3, ya ba da 13. A tawa gwaji na biyu ya fi nauyi domin makinsa ya fi yawa. A taki nauyinsu ɗaya.

Ba zan ce ɗaya kuskure ce ba. In Malama Rabi ta sa na biyu a kan 30 ne saboda ya ƙunshi darussa da yawa, tawa ta dace. In kuwa tambayoyin ne kawai suka zo haka, taki ta fi. Abin da ba ya halatta shi ne malamin JSS 2A ya bi ɗaya, na 2B ya bi ɗaya, sannan a jera yaran a matsayi guda.

Malama_Rabi_JSS2
Na biyun ya haɗa babi uku, na farko babi ɗaya da rabi. Zan bar shi a haɗe.

Na shigar da rabin ajin a waya yanzu. Wani abu ya faru: a gurbin wani yaro na rubuta 7/10, sai makinsa na aikin gida ya fito dubu bakwai da wani abu.

Nura_ICT
Ya ɗauke shi kwanan wata ne Malama. In kin rubuta 7/10, na'urar na ganin rana da wata ne, kuma a cikinta kwanan wata lamba ce da ta haura dubu arba'in. Ki rubuta 7 kawai, goman na can a layi na 3. In kin goge kin sa 7 ya ci gaba da nuna kwanan wata, ki zaɓi gurbin ki mayar da Format ɗinsa zuwa Number. Kuma in kin samu lokaci ki sa Data Validation a C zuwa H, ya ƙi karɓar abin da ya wuce 10, domin yatsa kan zame ya rubuta 77. Sai dai ki tuna in kin takaita shi ga lambobi kawai, zai ƙi karɓar U ɗin Hajiya.

Fom_Masta_Zariya
Saura magana ɗaya kafin ki miƙa, ita ce ta ɗigo. Mafi yawan katunan sakamako ba sa karɓar 25.8, cikakkiyar lamba suke so. Inda kika cikashe yana iya canza wa yaro daraja.

Misali yaro na da 44 a aikin gida, 31 a gwaji, 14 a furojet, 23 a jarrabawa. Ɓangarorin su ne 7.33 da 12.4 da 7. In kin zubar da ɗigon kowanne tun da wuri, 7 da 12 da 7 sun ba da 26, da 23 ya zama 49. In kin bar su sai ƙarshe, 26.73 da 23 ya zama 49.73, a cikashe 50. Ga makarantar da ke bin ma'aunin WAEC, 45 zuwa 49 D7 ne, 50 zuwa 54 C6 ne. Wancan fas, wannan kiredit.

```
Q4:  =ROUND(P4,0)+L4
```

A cikashe sau ɗaya, a kan jimlar CA. Kuma ki yi da ROUND, kada ki rage ɗigon da maɓallin Decrease Decimal kawai. Wannan maɓallin ido yake rufewa: gurbin zai nuna 50 amma a ciki 49.73 ne, sai fomular daraja ta ba shi D7 a gefen 50, uba ya zo yana tambaya.

Hajiya_Binta_VP
Fom Masta, a takarda maganarka daidai ce. Amma katinmu na da gurbi daban na aikin gida, na gwaji, na furojet, duk cikakkun lambobi. In na buga 7, 12, 7, 23 sannan jimla 50, uban da ya iya tarawa zai samu 49, ya ce mun yi wa yaro aringizo, na kusa da shi kuma ya ce me ya sa ba a yi wa nasa ba. Shi ya sa mu muke cikashe kowane ɓangare. Wani ya rasa ɗaya, wani ya samu ɗaya.

Malam Sani Lissafi
Ranki ya daɗe, wanda ya rasa ɗayan nan a kan iyakar 49 da 50 ba zai ce sun yi daidai ba. Me zai hana a buga ɗigo ɗaya a guraben ɓangarorin? 7.3, 12.4, 7.0. Gurbin na ɗauka.

Hajiya_Binta_VP
Gurbin na ɗauka, amma fom masta da ke kwafe darasi 12 na yara 60 da biro fa? Kowane ɗigo wata ƙofar kuskure ce. Zan kai maganar taron malamai, ban yi alkawarin za ta wuce ba.

Malama_Rabi_JSS2
Na gama duka 64, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na gwada fomular da yaro na ƙarya mai cikakken maki a komai, ta ba da 40 cif, na kuma lissafa mutum uku da hannu ta hanyar Baba, sun dace. Takardar da jami'in jarrabawa ya ba mu gurbin CA ɗaya ne, don haka na bi ta Fom Masta wajen cikashewa. Yara 3 na sa musu U, zan nemi fom masta ta tabbatar gobe.

Abin da ya rage mini shi ne zango na ɗaya da na biyu. Da hanyar 130 ɗin nan na yi su, an riga an raba kati, kuma a ƙarshen shekara ana haɗa zango uku a raba uku don ƙarin aji. Littafin makina na nan, zan iya sake lissafawa. Hajiya, in malamarki ce ta zo miki da wannan, gyarawa za a yi ko a bar shi?

AbuHanifa_Gusau
In kin gyara, wasu za su hau wasu za su sauka. Waɗanda za su sauka an riga an gaya wa iyayensu sun ci. Ni ina ganin a bar na baya.

Hajiya_Binta_VP
Kada ki taɓa komai ke kaɗai. Ki sake lissafin a takarda daban, ki ware yaran da bambancin zai tsallakar da su iyakar ƙarin aji, ko sama ko ƙasa, ki kai wa mataimakin firinsifal na ɓangaren karatu tare da littafin makin. Su nawa ne ma tukuna? Ki duba ki faɗa mana.